Ina son tsohon shugabana ya haɗa ni da wata, amma ba na son in takura masa

Autar Mata: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Ni akanta ce, ina sashen biyan kuɗi a wani kamfani, kuma na daɗe ina son komawa ɓangaren odit, wato binciken kuɗi na cikin gida. Akwai wata mata da ke shugabantar wannan sashen a wani kamfani daban, kuma tsohon shugabana ya san ta. Na taɓa jin ya ambaci sunanta, na kuma ga suna haɗe a LinkedIn. Damuwata ita ce shi mutum ne mai kara, ba ya iya cewa a'a. Ba na son ya amsa min don kunya alhali ransa bai so ba. Ga abin da na rubuta, ban tura ba tukuna:

"Ranka ya daɗe, barka da aiki. Don Allah alfarma nake nema. Na ga ka san shugabar odit ta kamfani kaza. Ka taimaka ka haɗa ni da ita, ko ka ba ni lambarta, ina son in yi magana da ita a kan harkar aiki. Na san kai kaɗai ne za ka iya yi min wannan. Allah ya saka da alheri."

Ya yi, ko da gyara?

Ɗan Kasuwa: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ya yi mana, tura kawai. Da ɗan gari akan ci gari. In ya ba ki lamba ki kira ta, ki ce wane ne ya turo ki, shi ke nan. Yawan lissafi shi ke sa dama ta wuce mutum.

Tsohon Manaja: 'Yata, dakata kafin ki tura. Ladabin saƙon ya yi, amma ki karanta shi da idon wanda za a tura wa. Na shekara da shekaru ana kawo min irin wannan roƙo, don haka bari in gaya miki abin da zai zo masa a rai.

Da farko zai tambayi kansa: shin na ma san matar nan sanin da zan iya kai mata mutum? Ke kin ɗauka ya san ta. Mai yiwuwa a taro ɗaya suka taɓa haɗuwa aka yi musayar lamba. Mai yiwuwa sun saba sosai amma an rabu ba daɗi. Mai yiwuwa kuma kwanan nan ya nemi wata alfarma a wurinta, yana jin nauyin sake komawa. Saƙonki bai bar masa wurin faɗin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, saboda kin fara da "ka san ta" kamar magana ce da aka gama.

Sai kuma "harkar aiki". Idan ya je wa matar, tambayar farko da za ta yi masa ita ce me take so. Me zai ce? Ko dai ya dawo ya tambaye ki, ko ya ƙirƙiro amsa da kansa. Kin ɗora masa aikin da naki ne.

Abin da ya fi damuna shi ne "kai kaɗai ne za ka iya yi min". Na san don girmamawa kika sa, amma wannan jimla ita ce ta rufe ƙofa. Duk wanda aka ce wa shi kaɗai ne, in ya ƙi ya zama shi ya hana ki ci gaba. Mai kara irin wanda kika siffanta zai ce to, sannan ya yi ta jan ƙafa, ya fara gudun kiranki. Ba a yi haɗin ba, zumuncin kuma ya yi sanyi.

Ki tuna abin da kike roƙo ba lamba ba ce. Mutuncinsa a wurin matar nan kike son ya ara miki. In kika yi kyau ya ƙaru, in kika ɓata mata lokaci shi za ta tuna.

Autar Mata: Na gode Baba. Wallahi jimlar nan ta ƙarshe ita nake ganin ta fi nuna na ɗauke shi da muhimmanci. To yaya zan tsara shi?

Tsohon Manaja: Ki raba shi gida biyu. Saƙo na farko nasa ne shi kaɗai: gaisuwa, sunan wadda kike so, tambayar ko sun saba, da fili na ya ƙi. Saƙo na biyu kuwa ki rubuta shi yadda zai iya tura mata shi kai tsaye ba tare da ya taɓa ko harafi ɗaya ba: ke wace ce, me ya sa ita musamman, me kike so, kuma minti nawa. Shi aikinsa kawai ya ɗora layi ɗaya a sama, ya ce ga wata da na yi aiki da ita, kina da sararin yin magana da ita? In ta amsa, ya haɗa ku. In ta ce ba yanzu ba, ko ta yi shiru, maganar ta mutu a tsakaninsu, ba ta taɓa kallon idonki ta ce miki a'a ba.

Kin ga ke nan ƙofa biyu ce. Shi yana iya ƙi, ita ma tana iya ƙi. Yawancin masu roƙo ta farkon kawai suke tunawa.

Ɗan Kasuwa: Alhaji, da girmamawa, ni ban gamsu ba. In ka ba mutum hanyar ƙi, ai ƙin zai yi. Kowa na da uzuri. Mu a harkarmu in ka ce wa mutum "in ba dama ba komai", ka gama kashe cinikinka da bakinka. Kuma wannan zagaye na sai an tambayi wancan an tambayi wannan, kafin a gama an ɗauki wani.

Uwar Biyu: Ɗan'uwa, bari in ba ka labarin ɗaya ɓangaren, don ni aka taɓa yi wa irin haɗin da kake so. Wani abokin aikina na da ya buɗe mana rukuni a WhatsApp, ni da shi da wani saurayi da ban taɓa ji ba, ya rubuta "ku gaisa, za ta taimake ka", ya fita. A lokacin ɗana na kwance a asibiti, aiki kuma ya yi min yawa. Saurayin nan ba shi da laifi, an ce masa zan taimaka, sai ya fara turo takardunsa yana kira. Ni kuma ba yadda zan ce masa ba ni da lokaci ba tare da na zama muguwa ba. Na yi masa abin da zan iya rabi da rabi, ba da zuciya ɗaya ba, kuma na san ya lura. Shi bai samu abin kirki ba, ni na ji an yi amfani da ni, wanda ya haɗa mu kuma tun daga ranar nake ɗari-ɗari da saƙonsa. Da ya tambaye ni a gefe, da na ce ya bari sai wata mai zuwa, kuma da na zauna da yaron nan na ba shi lokaci sosai.

Saboda haka ba da lambar mutum ba da izininsa ba, ko jefa shi cikin rukuni, ni ba na kiransa haɗawa.

Ɗan Kasuwa: Allah ya ƙara wa yaro lafiya Hajiya. Wannan kam na yarda bai yi ba. Amma laifin mai haɗawa ne, ba na mai roƙo ba.

Uwar Biyu: Amin, na gode. Amma ai mai roƙo ne ke buɗe hanyar. In ka ce "ba ni lambarta", ka riga ka zaɓa wa mai haɗawa hanyar da ba ta tambayi mai lambar ba.

Sabon Shiga: Ni a ganina tunda tsohon shugabanki ne, ki ce ya rubuta miki takardar shaida a kan takardar kamfani, da sa hannu da hatimi. Ita ta fi ƙarfi. Ni ma haka na yi lokacin da na nemi gurbin karatu.

Tsohon Manaja: Ɗana, wannan wata magana ce daban. Takardar shaida ana neman ta ne in an riga an buɗe gurbi ana tantance mutane, kuma a cikinta yana tsaya mata ne cewa ta iya aiki. Abin da take nema yanzu ya fi wannan sauƙi, ƙofa kawai za a ƙwanƙwasa mata. Gara ma da ka tayar da zancen, don yana da kyau ta nuna masa a saƙon cewa ba shaida take nema ba. Mutane da yawa suna ƙin haɗawa ne don suna tsoron za a ɗauka sun tsaya wa mutum a kan aikin da ba su taɓa ganin ya yi ba. Shi ya gan ta tana aikin biyan kuɗi, bai gan ta tana odit ba.

Malamar Jami'a: Ina son in koma kan maganar Ɗan Kasuwa, don akwai gaskiya a ciki, sai dai rabinta ce. Akwai binciken da Francis Flynn da Vanessa Bohns suka wallafa a 2008. Sun sa mutane su roƙi baƙi ƙananan abubuwa, kamar cike takardar tambayoyi ko aron wayar hannu, amma kafin su fita sai su ƙiyasta mutum nawa za su tambaya kafin su samu adadin da ake so. Masu roƙon sun riƙa zaton sai sun tambayi kusan ninki biyu na waɗanda suka tambaya a zahiri. Wato mutane sun fi amsawa fiye da yadda muke zato. Zuwa nan Ɗan Kasuwa ya yi daidai, kada tsoro ya hana ki tambaya.

Amma dalilin da suka gano shi ne abin lura. Mai roƙo yana lissafin wahalar abin da ya roƙa, ya manta da nauyin da ke cikin cewa a'a. Wanda aka roƙa kuwa wannan nauyin ne a kansa. Ke nan wani "to" ɗin da muke samu ba na son rai ba ne, na gudun kunya ne. In aron waya ne na minti ɗaya, ba komai, an ba ka ka gama. Haɗa mutane kuwa ba haka yake ba, don bayan "to" ɗin akwai sauran aiki: sai ya zauna ya rubuta, ya zaɓi kalmomin da zai gabatar da ke. Wanda ya amsa don kunya zai tura saƙo mai sanyi, irin "ga wata tana son magana da ke", kuma wadda aka tura wa tana gane bambancin wannan da "ga wata da na yi aiki da ita, za ki ji daɗin magana da ita".

Autar Mata: Na gode Malama. Na sake rubutawa, ku duba min. Wannan nasa ne:

"Ranka ya daɗe, barka da aiki, ya iyali? Ina shirin komawa ɓangaren odit, kuma ina son jin shawarar wance, shugabar odit ta kamfani kaza. Ban san yadda sabonku yake ba. In kun saba kuma kana ganin ya dace, ga ɗan saƙo a ƙasa da za ka iya tura mata ka ji ko tana da sarari. Ba shaida nake nema ba, gabatarwa ce kawai. In kuma ba ku saba sosai ba, ko lokacin bai dace ba, wallahi ba komai, ba sai ka yi min bayani ba, ina bin wasu hanyoyin ma."

Wannan kuma na turawa:

"Sunana wance, akanta ce ni, na shekara huɗu a sashen biyan kuɗi. Ina sha'awar odit ƙwarai kuma ina son in ƙaru da iliminki da gogewarki a duk lokacin da kika samu dama."

Tsohon Manaja: Na farkon ya yi kyau ƙwarai. "Ba sai ka yi min bayani ba" ita ce jimlar da ta fi aiki a ciki, don abin da ke sa ƙi ya yi nauyi shi ne neman dalilin da za a bayar. "Ina bin wasu hanyoyin ma" ita ma ta sauke masa kaya, amma ki tabbata gaskiya ce. In ba ki da wata hanyar, ki nemo kafin ki tura.

Na biyun ne bai nuna ba. Ki sa kanki a kujerar matar. "In ƙaru da iliminki" ba shi da baki ba shi da iyaka. Hira ɗaya ce? Ko so kike ta zama mai ba ki shawara har abada? Ko aiki kike nema a fakaice? Mai aiki da yawa in bai ga iyakar abu ba, mafi girmansa yake ɗauka, sai ya kauce. "Duk lokacin da kika samu dama" kuma yana kama da sauƙaƙawa, amma a zahiri ba ranar da irin waɗannan mutane ke samun dama. Ga yadda zan so ya kasance:

"Sunana wance, akanta ce ni, shekara huɗu ina sashen biyan kuɗi, inda nake daidaita asusun masu kawo kaya da shirya takardu idan masu odit sun zo. Ina shirin komawa odit na cikin gida. Na ga ke ma daga ɓangaren akanta kika koma, shi ya sa nake son jin naki. Tambaya biyu gare ni: wane ɓangare na aikina na yanzu ne masu ɗaukar ma'aikatan odit ke ɗauka da daraja, kuma ya fi kyau in fara jarrabawar ƙwarewa kafin in nema ko bayan na shiga? Minti 15 a waya ya ishe ni, ko amsa a rubuce in ya fi miki sauƙi. In wannan lokacin bai dace ba, na fahimta."

Layin "ke ma daga ɓangaren akanta kika koma" misali na ba da, sai in haka ne a tarihin aikinta. In ba haka ba, ki nemo ainihin dalilin da ya sa ita kike so ba wani ba. In kin rasa dalili, to alama ce ba ita kike buƙata ba, duk wani mai odit zai iya amsa miki, kuma bai kamata ki kashe alfarmar tsohon shugabanki a nan ba.

Lura da abin da tambayoyin biyu suka yi. Tana karantawa ta san ko tana da amsa. Tana iya amsawa a layi uku ta wuce, wanda shi ma riba ce. Tana iya cewa ki kira. Tana iya cewa ba ni ce na dace ba, ga wane. Kin ba ta hanyoyi da yawa na taimako ƙanana, ba babbar ƙofa ɗaya ba.

Ɗan Kasuwa: To ni tambayata, ƙanwata ai aiki take so. Me ya sa za a ɓoye a ce shawara? In matar ta gane daga baya fa?

Tsohon Manaja: A nan kam ina tare da kai. 'Yata, amsa wannan tsakaninki da Allah: akwai gurbi a kamfaninta da kike hari?

Autar Mata: A yanzu babu wanda aka tallata, Baba. Amma ba zan ɓoye ba, in ya fito ina so.

Tsohon Manaja: To saƙon bai yi ƙarya ba, tunda ya ce kina shirin komawa odit, kuma duk mai hankali ya san me hakan ke nufi. Abin da ba za ki yi ba shi ne ki shiga da sunan tambaya biyu, minti biyar da farawa ki ce a ɗauke ki aiki. Wannan shi ke ƙona mai haɗawa, don ita za ta koma masa ta ce ba haka ka gaya min ba. Da akwai gurbi a buɗe, da sai ki faɗa ƙarara a saƙon: na nemi gurbi kaza, ina son jin yadda sashen yake. Sai ita ta zaɓa, don wasu shugabannin ba sa magana da mai nema a gefe yayin da ake tantancewa, kuma suna da hujja.

Uwar Biyu: Ni a nan na ɗan saɓa da Baba. Da ni ce zan so a ƙara rabin layi: "in gurbi ya fito nan gaba ina da sha'awa, amma ba shi ne dalilin wannan saƙon ba." Na fi sakin jiki da wanda ya faɗa da bakinsa.

Tsohon Manaja: Hajiya, ina jin tsoron kada rabin layin ya rinjayi sauran, ta karanta shi a matsayin neman aiki ta tura ta sashen ɗaukar ma'aikata. Amma na san masu irin ra'ayinki da yawa. Wanda zai raba mu shi ne tsohon shugaban, tunda shi ya san halin matar. Tana iya tambayarsa.

Injiniya: Abin da Baba ya kwatanta sananne ne a wurin masu kamfanonin fasaha. Wani mai zuba jari, Fred Wilson, ya yi rubutu a kai a 2009, cewa kada a haɗa mutum biyu sai kowannensu ya amince tukuna. Ƙarin da zan yi na aiki ne kawai. In ta imel ne, saƙon turawar ki aika shi daban da take mai kyau, kada ki cusa shi ƙarƙashin hirarku, don kada ya tura mata har da gaisuwar iyali da "ban san yadda sabonku yake ba". In a WhatsApp ne, ki sa shi a saƙo guda shi kaɗai, rubutacce, ba na murya ba, yadda dannawa ɗaya zai tura shi. Kada ki lafta takardunki a jiki sai an nema. Idan kuma ya haɗa ku ta imel, ke za ki fara amsawa, a ranar in da hali, ki gode masa ki mayar da shi layin Bcc, wato na ɓoyayyen kwafi, ya ga kin amsa amma sauran zancen sa lokaci ba zai riƙa cika masa akwati ba. Ki kawo lokuta biyu ko uku ta zaɓa.

Sabon Shiga: Amma babba kamar tsohon shugaba, a tura masa rubutu kawai? Ni ina ganin rashin ladabi ne. Ai kamata ya yi ta kira shi ko ta je ta same shi.

Malamar Jami'a: Wannan tambaya ce mai kyau, kuma tana da wuya. Akwai wani binciken na Bohns ɗin da Mahdi Roghanizad a 2017, inda suka ga roƙo ido da ido ya fi na imel samun amsa nesa ba kusa ba, wajen ninki 34. Sai dai baƙi aka roƙa a can, ba wanda aka sani ba, don haka kada a ɗauki adadin a ɗora a nan. Abin da ya nuna dai a fili yake: ƙi a gaban mutum ya fi wuya. To in burinki ki samu "to" ko ta halin ƙaƙa, ki je ki zauna a gabansa. In burinki ya samu sararin tunani, rubutu ya fi. Tunda Auta ta ce mai kara ne, ni rubutu zan zaɓa.

Tsohon Manaja: Ana iya haɗa biyun. Ki kira ki gaishe shi, musamman in an kwana biyu ba a gaisa ba, don roƙo bayan dogon shiru yana da ɗaci. A ƙarshen gaisuwar ki ce akwai wata 'yar magana da zan turo maka a rubuce, ka duba in ka samu sarari. Kada ki nemi amsa a wayar. Kin ba shi girmansa, kin kuma bar masa fili.

Uwar Biyu: Ni kuwa kiran gaisuwar da roƙo ke biye da shi nan take ba ya min daɗi. Na fi son a ce min kai tsaye, "mun daɗe ba mu gaisa ba, ga shi kuma da buƙata na zo." Gaskiyar tana wanke shi.

Autar Mata: Muna gaisawa lokaci-lokaci, don haka wannan da sauƙi. Tambayata ta ƙarshe: in na tura ya yi shiru fa? Ko ya ce "to, zan duba" shi ke nan?

Tsohon Manaja: Ki ba shi mako guda zuwa kwana goma, sannan ki tuna masa sau ɗaya, a taƙaice, tare da sake buɗe ƙofar: "Ranka ya daɗe, ina tuni ne kan saƙon nan ko ya shige. In bai dace ba a bar shi, ba komai." Sau ɗaya. In ya sake shiru, amsa ce, ki karɓe ta. Kada ki bi ta wani ya tambayar miki shi, kuma in kun haɗu ki gaishe shi kamar yadda kika saba, kada ki tayar da zancen. A nan ne zai gane ko "ba komai" ɗin da kika rubuta da gaske kike.

Wanda zai yi yakan nuna alama. Zai yi miki tambaya, ko ya ce gyara wannan layin, ko ya ce zan tura mata ranar kaza. "Zan duba" da ba rana ba tambaya, sau da yawa a'a ce cikin ladabi. In kuma ya ce na tura ba ta amsa ba, kada ki ce ya sake matsa mata, kada kuma ki zagaya ki tura mata saƙo da sunansa. In ya ce ba mu saba ba, kina iya tambayarsa ko akwai wani a fannin da ya fi sabawa da shi. Sau da yawa wanda zai kawo da kansa ya fi wanda kika zaɓa amfani, don da zuciya ɗaya zai haɗa ku.

In an yi hirar kuma, ki koma masa da layi biyu: mun yi magana, ga abin da na ƙaru da shi, na gode. Da yawa ba sa yi, mai haɗawa ya zauna bai san ko an kunyata shi ko an fita kunyarsa ba.

Ɗan Kasuwa: Sau ɗaya kacal, Alhaji? Ni akwai wanda sai a tuni na uku ya amsa, kuma ya ce wallahi mantawa yake yi, har godiya ya yi min. Wasu shirunsu ba ƙi ba ne, yawan aiki ne.

Tsohon Manaja: Akwai irinsu, ban musa ba. Amma kai da mutuminka wataƙila tsara ne, kuna iya matsa wa juna. Ita kuwa tsohon shugabanta ne, kuma ta ce ba ya iya cewa a'a. A wurin irin wannan, tuni na uku tilastawa ce.

Malamar Jami'a: Akwai hanyar tsakiya. Tun a saƙon farko tana iya cewa, "in ban ji daga gare ka ba zuwa ƙarshen mako mai zuwa, zan ɗauka lokacin bai dace ba." Mai mantuwa ya samu rana, mai son ƙi ya samu hanyar da ba sai ya furta ba.

Uwar Biyu: Malama, ga tsara wannan ya yi. Ga babba kuwa ina tsoron ya ji kamar an gindaya masa wa'adi.

Autar Mata: Ni ma haka na ji, Anti, a wurinsa zai yi nauyi. Zan bar wannan layin, in tsaya a kan tuni sau ɗaya. Yanzu zan koma in duba tarihin aikin matar in ga ko da gaske daga akanta ta fara, don in san abin da zan sa a layin dalili. Maganar ambaton gurbi kuma zan tambaye shi in ya amsa. Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci.

Ɗan Kasuwa: Amin. Ni dai har yanzu ina kan bakana a kan tuni na biyu. Ki dawo ki gaya mana yadda aka yi.